Tambayoyi da Amsoshi Kan Sakamakon ping: Yadda Ake Gane Ko Intanet Tana Tangal-tangal da Inda Matsalar Take

Duk wanda ya yi aikin haɗa intanet a shaguna da ofisoshi ya saba jin "netwok ba kyau yau". Maganar gaskiya ce, amma ba ta isa a yi gyara da ita ba, domin ba ta faɗi inda ciwon yake ba: a cikin shagon ne, ko tsakanin shagon da turken sabis, ko can nesa inda hannunka ba ya kaiwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi maimaita mini. Na jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma na sa musu lamba don a iya komawa wata daga wata.

1. Wai mene ne `ping` yake aunawa?

Ƙaramin saƙo yake aikawa, wanda ake kira fakiti, zuwa wata na'ura, ita kuma ta mayar da amsa. Sai ya gaya maka abu biyu: ko amsar ta dawo, da kuma lokacin da tafiya da dawowar suka ɗauka. Ana ƙirga lokacin da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, shi ne `ms` da kake gani a allo. Wannan lokaci shi muke kira jinkiri. Fakitin da ya tafi bai dawo ba kuwa, shi ne asara.

Mike Muuss ne ya rubuta wannan manhaja a watan Disamba na 1983, ya kuma ɗauko sunan daga ƙarar da na'urar jirgin ƙarƙashin teku take fitarwa ta saurari dawowarta. Ka riƙe cewa `ping` ba ya auna yawan datar da layinka zai iya ɗauka. Ana iya samun layi mai faɗi ƙwarai amma mai jinkiri, a kuma sami siriri mai saurin amsawa.

2. Yaya zan gudanar da shi, kuma fakiti nawa suka isa?

A Windows ka buɗe `cmd`, a Linux ko macOS ka buɗe `Terminal`. A wayar Android ana iya amfani da manhajar Termux. Layin farko na Windows ne, na biyu na sauran:

```
ping -n 100 8.8.8.8
ping -c 100 8.8.8.8
```

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya rubuta `ping 8.8.8.8` kawai a Windows, wanda fakiti 4 kacal yake aikawa, ya ga duk sun dawo, ya ce layi lafiya lau. Huɗu ba su isa shaida ba. A ce layinka yana zubar da fakiti 2 cikin kowane 100. Idan ka aika 4, damar duk su dawo lafiya ta kai kusan kashi 92 cikin 100, wato sau tara cikin goma gwajin zai wanke layin da ke da laifi. Idan ka aika 100, damar ta faɗo zuwa kusan kashi 13. Idan ka aika 300, ba ta kai ko rabin kashi ɗaya ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, fakiti ɗaya ya ɓace cikin huɗu sai allo ya nuna `25% loss`, hankalin mutum ya tashi a banza.

Don haka 100 ne mafi ƙanƙanta, kusan minti biyu ke nan tunda fakiti ɗaya ake aikawa a kowace daƙiƙa. Idan matsalar mai zuwa da tafiya ce, ka yi 300. A Windows `ping -t` ba ya tsayawa sai ka danna Ctrl+C. Abu mafi muhimmanci shi ne ka yi gwajin a daidai lokacin da matsalar take faruwa, sannan ka sake yi lokacin da komai yake tafiya daidai, don ka sami abin gwadawa.

3. Ga sakamako ya fito. Wane sashe zan duba?

Kowane layi amsar fakiti ɗaya ce, sannan a ƙarshe a ba ka jimla:

```
Reply from 8.8.8.8: bytes=32 time=46ms TTL=116
Packets: Sent = 100, Received = 98, Lost = 2 (2% loss),
Minimum = 38ms, Maximum = 71ms, Average = 46ms
```

`time` shi ne jinkirin wannan fakitin. `bytes=32` girman abin da aka aika ne, ba ruwanka da shi a yanzu. `TTL` lamba ce da take raguwa da ɗaya duk lokacin da fakiti ya ratsa wata rauta a hanya, wato na'urar da ke karɓar fakiti ta miƙa shi gaba. Yawanci tana farawa daga 64, 128 ko 255, don haka 116 tana nuna amsar ta ratsa kimanin rauta 12. Yawanta ko ƙarancinta ba shi ne kyan layi ba. Amfaninta shi ne idan ta canja a tsakiyar gwaji tare da canjin jinkiri, to alama ce hanyar da fakitin yake bi ce ta sauya.

A layin ƙarshe akwai mafi ƙanƙanta, mafi girma da matsakaici. A Linux za ka gan su a jere kamar `min/avg/max/mdev`, a macOS kuma na ƙarshen `stddev` ne. Wannan lamba ta huɗu tana nuna yadda lokutan suke warwatse, abin da tambaya ta 6 take magana a kai. Ido yakan tafi kan matsakaici, amma ni nakan fara da mafi ƙanƙanta, sannan tazarar da ke tsakaninsa da mafi girma.

4. Wace na'ura ya kamata in yi wa `ping`?

Ba ɗaya ba, uku. Wannan ita ce amsar da ta fi kowace amfani a shafin nan, domin `ping` guda ɗaya zai iya gaya maka akwai matsala amma ba zai nuna maka inda take ba. Na farko, rautarka ta gida ko ta shago. Ka rubuta `ipconfig` a Windows ka duba layin `Default Gateway`, yawanci za ka ga wani abu kamar `192.168.0.1`, `192.168.1.1` ko `192.168.8.1`. Na biyu, wani adireshi sananne a waje, kamar `8.8.8.8` na Google ko `1.1.1.1` na Cloudflare. Na uku, shafin da kake fama da shi, ka rubuta sunansa.

Ka buɗe taga uku ka sa su gudana tare, don duk su ga lokaci ɗaya. Kowane fakiti da zai fita waje sai ya bi ta rautarka, saboda haka idan na farko ya lalace, sauran biyun za su lalace tare da shi, kuma laifin yana cikin ɗakinka: ka tafi tambaya ta 9. Idan na farko tsaf yake amma na biyu yana rawa, matsalar tana kan layin da ya fita daga rauta zuwa kamfanin da ke ba ka sabis, ko dai kai ne ka cika shi ko cunkoso ne a wajensu: tambaya ta 10 ke nan. Idan biyun farko lafiya suke, na ukun ne kaɗai ke ciwo, to shafin ne ko hanyar da ta kai shi, kuma sake kunna rautarka sau goma ba zai yi komai ba.

5. Milisakan nawa ne ake ce wa mai kyau?

Sai an san nisan wanda ake yi wa magana. Haske a cikin wayar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, don haka kowace kilomita 100 tana cin milisakan ɗaya, tafiya da dawowa. Daga Kano zuwa Legas, inda manyan wayoyin teku suke fitowa tudu, kusan kilomita 1,000 ne ta hanya, milisakan 10 ke nan. Wayar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon kusan kilomita 7,000 zuwa Fotugal, ƙarin milisakan 70. Kafin a haɗa jinkirin rautoci da na eriya, mutumin Kano ya riga ya biya milisakan 80 don isa gaɓar Turai. Babu kamfanin da zai rage masa wannan. Wanda yake Maraɗi ko Damagaram, ƙasar da ba ta da teku, datarsa sai ta ratsa maƙwabta ta tudu kafin ta shiga ruwa. Mai amfani da tsohon samfurin tauraron ɗan'adam, wanda yake tsaye a nisan kilomita 35,786, hawa biyu ne da sauka biyu, kusan milisakan 480 tun kafin a ƙara komai.

A aikace, ga ma'aunin da nake amfani da shi. Zuwa rauta ta kebul, milisakan ɗaya ko ƙasa da haka. Zuwa rauta ta wayifai, 'yan milisakan kaɗan, ƙasa da 10. Zuwa wata saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafi, a cikin ƙasa ta layin waya na 4G, gomomi ne. Zuwa Turai, a haura 100 ba abin mamaki ba ne, Amurka kuma ta fi haka. Ga kiran murya, shawarar hukumar sadarwa ta duniya mai lamba G.114 ita ce kada tafiya ɗaya ta wuce milisakan 150, kusan 300 ke nan a lissafin `ping`. Idan ya wuce nan sai ku fara katse wa juna magana.

Amma jinkiri mai yawa ba shi ne rashin tsayuwa ba. Layin da yake ba da 180, 182, 179, 181 duk yini layi ne mai nisa, amma tsayayye.

6. Matsakaicina bai yi yawa ba, amma kiran bidiyo yana yankewa. Me ya sa?

Domin matsakaici yana ɓoye abubuwa. Ka ɗauki layi biyu. Na farko ya ba da 80 sau goma. Na biyu ya ba da 40 sau tara, sannan 440 sau ɗaya. Dukansu matsakaicinsu 80 ne. A na farko za ka yi kira ka gama ba ka ji komai ba. A na biyu, duk bayan daƙiƙa goma murya za ta sarƙe, saboda manhajar kira tana ajiye sauti kaɗan ne kafin ta kunna maka, kuma fakitin da ya makara fiye da wannan ajiyar, daidai yake da wanda bai zo ba. Wannan hawa da sauka shi nake kira rawar jinkiri, kuma shi ne ainihin abin da mutane suke nufi idan suka ce intanet tana tangal-tangal.

Mafi ƙanƙanta yana nuna maka abin da hanyar take iyawa idan babu layin jira, nisa zalla. Duk abin da ya ɗoru a kansa jira ne a wani wuri. Idan mafi ƙanƙanta 40 ne, matsakaici 46, hanya a buɗe take. Idan mafi ƙanƙanta 40 ne, matsakaici 300, yawancin fakitocin suna tsayawa a layi. Kada kuma ka yanke hukunci da mafi girma shi kaɗai, tunda fakiti ɗaya tak zai iya ɗaga shi. Ka ja allo sama ka ƙirga layuka nawa ne suka ninka mafi ƙanƙanta sau uku ko fiye. Ɗaya ko biyu cikin ɗari ba komai. Goma sha biyar cikin ɗari matsala ce.

7. Kashi nawa na asarar fakiti za a iya jurewa?

Zuwa rautarka, sifili ake so. Zuwa waje, ƙasa da kashi ɗaya ba a cika jin sa ba. Daga ɗaya zuwa biyu, masu kiran murya da masu wasan intanet sukan fara lura. Idan ya kai biyar, kowa zai ji a jikinsa. Wannan ma'aunin aiki ne ba doka ba, amma akwai dalilin da ya sa ƙaramar asara take da babban illa. Tsarin da ke ɗauko yawancin fayiloli da shafuka, TCP, yana ɗaukar ɓacewar fakiti a matsayin alamar cunkoso, sai ya rage gudu. Akwai sanannen lissafi na iyakar gudunsa a tsohon salonsa:

```
gudu ≈ (MSS / RTT) × (1.22 / √p)
```

`MSS` girman datar fakiti ne, yawanci bayit 1,460, wato bit 11,680, `RTT` jinkirin da `ping` ya nuna idan an mayar da shi daƙiƙa, `p` kuma rabon asara, wato 0.01 ga kashi ɗaya cikin ɗari. Da jinkirin milisakan 100 da asarar kashi ɗaya, saukewa guda ba za ta wuce kusan megabit 1.4 a daƙiƙa ba, ko da ka sayi layin megabit 50. Da jinkirin 20 da wannan asarar dai, kusan megabit 7. Sababbin salo sun fi haƙuri da asara, amma darasin yana nan: asara da nisa idan suka haɗu, sun fi kowannensu muni. Shi ya sa shafin ƙasar waje yake rarrafe alhali na kusa yana buɗewa.

Ka kuma duba yadda asarar ta zo. Fakiti 5 a warwatse cikin 100 alamar cunkoso ce ko raunin sigina. Fakiti 5 a jere, sannan komai ya dawo daidai, layin ne ya yanke ya dawo: rauta ta sake haɗuwa da turke, ko kebul ya motsa, ko wuta ta ɗauke aka koma janareta. Jimlar ɗaya ce, `5% loss`, amma cutar daban. A Linux lambar `icmp_seq` tana nuna maka waɗanda suka ɓace. A Windows ka tuna yana jiran daƙiƙa 4 kafin ya yanke ƙauna, don haka `Request timed out` biyar a jere na iya zama yankewar kusan daƙiƙa 20, ba biyar ba.

8. Mene ne bambancin saƙonnin kuskure da yake nunawa?

`Request timed out` na nufin an aika, an jira, ba a ji komai ba. Ba ya faɗin ko fakitin a tafiya ya ɓace ko a dawowa. `Destination host unreachable` kuwa amsa ce, amma daga wata na'ura a hanya, ko ma kwamfutarka, tana cewa ba ta ga hanyar isa ba. Ka duba adireshin da ke bayan `Reply from` don ka san wa ke magana. Akwai tarko a nan: Windows yakan ƙirga irin wannan a cikin `Received`, sai jimla ta nuna `0% loss` alhali ko fakiti ɗaya bai isa ba. Idan layukan ba su da `time=` ko `time<`, ba a isa ba.

Na uku shi ne `Ping request could not find host`. Wannan bai ma aika komai ba, ya kasa mayar da sunan shafin zuwa lamba ne, aikin DNS. Idan `ping 8.8.8.8` yana tafiya amma `ping google.com` yana ba da wannan saƙo, layinka yana aiki, mai fassara sunaye ne ya kwanta. Sauya DNS zuwa `8.8.8.8` ko `1.1.1.1` yakan warware shi.

9. Rautar da ke gabana ma tana ba da 200 ko tana zubar da fakiti. Ta lalace ke nan?

Ba lalle ba. Kafin ka zarge ta, ka sa kebul tsakaninta da kwamfuta, ka kashe wayifai, ka sake gwaji. Idan ya koma `time<1ms` ba asara, rautar lafiyarta ƙalau, iska ce matsalar. Wayifai magana ce a ɗaki ɗaya: na'ura ɗaya ke magana a lokaci guda a kan tasha guda, sauran su jira, kuma saƙon da bai isa ba sai a maimaita shi. Wannan jira da maimaici su ne suke fitowa a matsayin rawar jinkiri. A filaza mai shaguna talatin, kowa da rautarsa da hotsifot ɗinsa a kan zangon 2.4 GHz, wanda tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ba sai an faɗa ba.

Ka matso kusa da rauta ka gwada, ka koma wurin zamanka ka gwada. Idan nisa ne ko bango, bambancin zai fito fili. Ka ɗaga rautar daga ƙasa, ka fitar da ita daga bayan kantar ƙarfe, ka koma zangon 5 GHz idan tana da shi, duk da shi bai kai ɗayan ratsa bango ba. Idan kuwa har ta kebul tana zubar da fakiti, ka canja kebul ɗin tukuna. Bayan nan ka taɓa ta ka ji ko ta yi zafi, ka kuma duba cajarta, domin rautar da ba ta samun isasshiyar wuta takan yi ta sake kunna kanta, ta bar asara a jere irin wadda aka bayyana a tambaya ta 7.

10. Da safe komai lafiya, da rana sai ya rikice. Yaya zan san ko ni ne ko kamfani ne?

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Lambobin na kwatanci ne, amma fasalinsu shi ne ake gani. Shagon cike fom ne, kwamfuta uku da wayoyin yaran shago a kan rautar 4G guda. Da ƙarfe 8 na safe, fakiti 100 zuwa rauta: babu asara, matsakaici 2. Zuwa `8.8.8.8`: babu asara, mafi ƙanƙanta 38, matsakaici 46, mafi girma 71. Da ƙarfe 2 na rana, lokacin da hoton fasfo yake ƙin hawa, rauta har yanzu babu asara, matsakaici 3. Amma `8.8.8.8` ya zubar da 6, mafi ƙanƙanta 41, matsakaici 420, mafi girma 1,380. Rauta ta wanke wayifai daga zargi. Mafi ƙanƙanta bai motsa ba, daga 38 zuwa 41, don haka hanya ba ta canja ba, ba wai an zagaya da data ta wata ƙasa ba ne. Abin da ya rage shi ne layin jira. Tambayar ita ce layin na wa.

Gwajin da ke rabewa mai sauƙi ne: ka cire kowa daga rautar sai kwamfuta ɗaya da ba ta sauke komai, ka sake aika 100 nan take. A misalinmu sai ya dawo babu asara, matsakaici 52, mafi girma 95. To mai laifin yana cikin shago. Aka mayar da na'urori ɗaya bayan ɗaya ana kallon allo, sai lambobi suka yi tsalle da shigowar wata waya, wadda take ɗora bidiyoyin biki zuwa ma'ajiyar intanet ba tare da mai ita ya sani ba. Ga abin da ke faruwa: hanyar ɗorawa ta fi ta saukewa ƙunci, kuma idan ta cika rauta takan tara fakitoci a ma'ajiyarta. Idan ɗorawa megabit 2 ce a daƙiƙa, ma'ajiyar kuma ta tara kilobayit 256, duk sabon fakiti sai ya jira kusan daƙiƙa guda kafin ya fita, idan ba wuri kuma a yar da shi. Magani shi ne a hana wayar ɗorawa a lokacin aiki, ko a kayyade gudunta a saitin rauta. Rautar da ke da `SQM`, wato tsarin daidaita layin jiran fakitoci, takan magance wannan idan aka saita ta ƙasa kaɗan da ainihin gudun layin.

Da a ce an cire kowa amma lambobin suka ci gaba da zama 400 da asara, to layin jiran yana wajen kamfani, galibi turken unguwar ne ya cika. Alamarsa ita ce yana bin agogo: ya yi kyau da asuba, ya lalace lokacin cin kasuwa ko bayan isha'i, kullum haka. Ka tabbatar ta hanyar sa layin wani kamfani a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Sandunan sigina cikakku ba sa ƙaryata wannan, domin suna nuna ƙarfin muryar turke ne kawai, ba yawan mutanen da ke kansa ba.

11. Shafi yana buɗewa, amma `ping` ya ce `100% loss`. Wanne zan yarda da shi?

Ka yarda da shafin. `ping` yana amfani da wani nau'in saƙo ne mai suna ICMP, kuma sabobi da yawa, musamman na bankuna da hukumomi, an saita su kada su amsa shi. Kwamfutar Windows ma a saitinta na asali ba ta cika amsawa ba. Asarar ɗari bisa ɗari ga adireshi ɗaya, alhali sauran suna amsawa, yawanci ƙofa ce aka rufe, ba hanya ce ta yanke ba.

Wannan ya shafi `tracert` na Windows da `traceroute` ko `mtr` na Linux, masu nuna kowane zango a hanya. Mutane sukan ga taurari `* * *` ko asarar kashi 40 a zango na biyar su ce ga ɓarawon nan. Manyan rautoci aikinsu wuce da fakitin wasu ne, amsa tambayar da aka yi musu su kansu kuwa sai sun sami sarari, wasu ma an ƙayyade musu yawan amsar. Idan zango na biyar ya nuna asara amma na shida har zuwa na ƙarshe ba su nuna ba, babu asara. Asarar gaske ita ce wadda ta fara a wani zango ta kuma bi duk na bayansa har ƙarshe.

12. Fakitin farko kullum ya fi sauran jinkiri. Matsala ce?

A'a. A cikin gida, kwamfuta tana fara neman adireshin na'urar da za ta miƙa wa saƙo ne. A layin waya kuma, eriyar takan yi barci don tanadin batir, sai ta farka ta nemi gurbi a turke. Ka yar da na farkon daga lissafi, musamman idan shi ne ya ɗaga `Maximum`. Haka nan idan ka yi wa waya `ping` daga kwamfuta ka ga lambobi suna tsalle, barcin wayifai ɗinta ne, ba a auna lafiyar netwok da ita.

13. Na tabbatar daga waje ne. Me zan kai wa kamfani don a saurare ni?

Ka ajiye sakamakon a fayil maimakon ɗaukar hoton layi huɗu:

```
ping -n 300 192.168.0.1 > rauta.txt
ping -n 300 8.8.8.8 > waje.txt
```

Ka sa adireshin rautarka a layin farko, ka gudanar da su tare, ta kebul, da na'ura ɗaya tak a kan layin. Ka yi haka sau biyu a rana, lokacin daɗi da lokacin wahala, kwana uku a jere, kana canja sunan fayil ko rubuta rana da lokaci a jiki don kada sabo ya goge tsoho. Sannan ka faɗa musu a jimla ɗaya: rauta ba asara, waje asarar kashi kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza, an cire kowa daga layi. Wannan ya riga ya amsa tambayoyin farko da za a yi maka, kuma injiniyan da ya karɓa ya san inda zai fara dubawa.

Ka ƙara da gwajin wani shafi da ka san sabarsa tana ƙasar waje, domin `8.8.8.8` da `1.1.1.1` adireshi ne da ake amsawa daga wurare da yawa, kuma galibi na kusa da kai ne zai amsa, saboda haka ba sa nuna lafiyar hanyar teku. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta rikice a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen yankin, aka yi makonni ana gyara. A irin wannan yanayi rauta takan amsa daidai, abin da ke cikin ƙasa ya amsa, amma mafi ƙanƙantan jinkiri zuwa ƙasashen waje ya tashi ya zauna a sama, saboda an karkatar da data ta doguwar hanya, asara kuma ta biyo baya don hanyar da ta rage ta cika. Bambancinsa da misalin tambaya ta 10 ke nan, inda mafi ƙanƙanta bai motsa ba. Idan ka ga haka, ka tambayi maƙwabcin da ke kan wani kamfani ya yi irin gwajin, tunda ba duka kamfanoni ne suke bin waya ɗaya ba, kuma wanda hanyarsa ta tsira shi za ka jingina da shi har a gama gyara.